Gyaran bidiyo mai rawa: Premiere, Resolve, CapCut ko ta jairo, wanne ya fi cin gefen hoto?

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun bayan umarar azumi mutum uku ko huɗu suka yi min tambaya iri ɗaya, wai wace manhaja ce ta fi gyara bidiyon da aka ɗauka da hannu yana rawa, har wani ƙanina da ke ɗaukar biki a istiraha a Jidda ya turo min kilif yana cewa yaya duba min, na saka masa sitabilaiza ya tsaya cak amma kan ango ya ɓace. To shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Ni a Madina nake, aikina bin ayarin masu ziyara da kyamara, Uhudu, Kuba, Kiblataini, gonar dabino, in haɗa musu ɗan bidiyon da za su koma da shi gida, kuma wallahi rabin aikin nan da hannu nake ɗauka don ba kullum ake samun sararin haɗa gimbal, mariƙin kyamarar nan mai hana rawa, ba, direban bas na danna hon, malam ya riga ya fara bayani, wa zai jira ka.

Kafin in shiga maganar wacce ta fi wacce sai an gane abu ɗaya, in ba haka ba duk kwatancen banza ne. Babu manhajar da take cire rawa kyauta. Abin da take yi shi ne, kamar ka ɗauki hoton kati ka riƙe shi a bayan wata 'yar taga, in abin da ke cikin hoton ya zame dama sai ta ja firem ɗin hagu, in ya yi sama ta ja shi ƙasa, don abin da ke tsakiya ya zauna wuri ɗaya. To da zarar ka ja hoton gefe, ɗaya gefen tagar zai zama fanko, baƙi ƙirin, don babu komai a wurin, kyamara ba ta ɗauka ba. Maganin wannan baƙin guda ɗaya ne, a ƙara girman hoton har ya rufe tagar duk inda aka ja shi. Wannan ƙarin girman shi ne yankan da muke kuka da shi, kuma abu biyu yake ci lokaci guda, yana cin abin da ke bakin hoton, yana kuma cin tsabtarsa tunda fiksel kaɗan ne aka shimfiɗa su cika allo.

Lissafin ba wuya. In ka ɗauka a 1920 da 1080 manhaja ta ƙara girma zuwa 110%, abin da ya rage maka na gaskiya 1745 ne da 982, kusan kashi 83 cikin ɗari na hoton, wannan ba mai ganewa. In ta kai 120% ka dawo 1600 da 900, kashi 69 ke nan, kusan kashi ɗaya bisa uku ya tafi duk da lambar tana kama da ƙarama. In ta kai 150% to 1280 da 720 kake da shi, kashi 44, fiye da rabin abin da ka ɗauka ya bi ruwa. Mutane suna ganin 120 su ɗauka ashirin suka rasa, alhali yankan ta tsawo da ta faɗi yake ci a tare.

Wani abin da na daɗe ban lura da shi ba, rawar sama da ƙasa ta fi ta gefe tsada, saboda tsayin hoton ya fi faɗinsa ƙanƙanta. Ka ce hannunka na kaiwa fiksel 80 kowane ɓangare. In gefe da gefe ne, 160 za a cire daga 1920, zumin ɗin wajen 109% ne. In sama da ƙasa ne, 160 ɗin daga 1080 za a cire, ya zama 117%. Kuma tafiya da kyamara a hannu ai sama da ƙasa take jefa ka, kowane taku. Sai karkacewa, wato hoton ya kwanta gefe ɗaya, digiri 2 kacal na buƙatar wajen 106% kafin kusurwoyi su rufe, digiri 5 na neman 115%. Shi ya sa mai riƙe waya da hannu ɗaya yana ɗaga ta sama da kawunan mutane ya fi kowa shan yanka.

Yanzu ga abin da ya same ni, don da shi zan auna manhajojin. Wata safiya a Uhudu, ayari na mutum goma sha wani abu, malam ya tsaya a gindin dutsen maharba yana nuna inda aka tsayar da su, ni kuma na taho a hankali daga bayan jama'a ina zagayowa har na tsaya a gabansu, babban dutsen na bayansu ja jawur da hasken safe. Daƙiƙa 38 ne kilif ɗin, 1080 na ɗauka don katin ya kusa cika (kuskure na farko ke nan). A wajen daƙiƙa ta 26 wani bawan Allah daga wani ayarin ya zo wucewa ya bangaji gwiwar hannuna, kyamara ta yi ƙasa ta karkace ta dawo, duka-duka bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Da dare na zauna editin ina gyangyaɗi, na jefa masa Warp Stabilizer, ifekt ɗin gyaran rawa na Premiere, yadda yake ban taɓa komai ba, na ga ya yi sumul kamar a kan dogo aka ɗauka, na fitar na tura wa shugaban ayari. Da safe sai ga kira, ya ce Malam ina Hajiya? Na ce wace Hajiya Alhaji? Ya ce mahaifiyata mana, ai tana nan a gefe kan keken guragu, duk saboda ita na ce a ɗauka. Na buɗe na duba, ashe gaskiyarsa, tayar keken kawai ta rage a bakin allo, kan dutsen ma ya fita, hular wani dogo an yanke ta rabi. Na leƙa wurin Auto-scale, inda take nuna girman da ta ƙara, na ga 134%. Wato 1433 da 806 ya bar min, fiksel 243 sun tafi ta dama, 243 ta hagu, Hajiya kuwa tana cikin na hagun.

Daƙiƙa 37 ɗin nan da na yi tafiyata a natse ba su suka jawo 134 ba, bangazar nan ta ƙasa da daƙiƙa ɗaya ce. Manhajar na neman girma guda da zai rufe baƙi a firem mafi muni, sai ta ɗora shi a kan kilif ɗin gaba ɗaya, tun daga farko har ƙarshe. Laifin mutum ɗaya ya shafi gari. In ka riƙe wannan, ka riga ka san fiye da rabin abin da zan faɗa, sauran kawai wace manhaja ce ta fi ba ka damar gani da hana wannan ɓarnar.

Premiere dai abin da na fi so a wurinta shi ne ba ta ɓoye maka kuɗin kaya. Lambar nan tana nan rubuce kusa da Auto-scale, kana canza abu kana ganin tana hawa ko sauka, kamar mai awo ya juyo maka da fuskar sikeli. Matsalarta yadda take zuwa daga kamfani ya yi zafi da yawa wa irin aikinmu, Smoothness na kan 50%, Method na kan Subspace Warp, sannan an ba ta izinin zumin har 150% a Maximum Scale. Hamsin ɗin nan na nufin tana so ta mayar da tafiyarka kamar ta jirgi mara matuƙi, kuma duk yadda ka nemi hanyar kyamara ta miƙe sosai, haka tazarar da ke tsakanin inda hannunka ya je da inda ake so ya je take ƙaruwa, tazarar nan ita ce yanka. Ni yanzu daga 5 zuwa 15 nake farawa, kuma sau da yawa a nan nake tsayawa, don ƙananan kakkarwar nan ce ke damun ido, lilon tafiya a hankali ba ya damun kowa, yana ma sa mai kallo ya ji kamar yana cikin ayarin.

Ga yadda na ceto kilif ɗin Hajiya. Na cire ifekt ɗin tukuna, na sa reza na yanke kafin bangazar da bayanta, na zubar da wajen daƙiƙa ɗaya da rabi, na rufe gurbin da wani ɗan hoto da na ɗauka na tattabaru suna tashi a filin, muryar malam na ci gaba a ƙasa ba wanda ya san an yi tiyata. Sai na saka wa kowane ɓangare nasa Warp Stabilizer daban, Smoothness 10, Method na mayar da shi Position, Scale, Rotation. Ɓangaren farko ya ba ni 108%, na biyu da nake tsaye 104%. A 108 abin da ya tafi ta kowane gefe fiksel 71 ne, Hajiya ta dawo da kekenta da lemarta. In ka yanke kilif bayan ka riga ka saka ifekt, ka tuna ka sake danna Analyze, kar ka zauna kan tsohon lissafi.

Subspace Warp kuwa sai an yi hattara da shi. Shi ba ja kawai yake yi ba, yana lanƙwasa sassan hoton daban-daban, na kusa daban na nesa daban, in ya dace abin sai ka rantse gimbal ne, in bai dace ba sai ka ga ginshiƙi na numfashi, bangon masallaci na kaɗawa kamar labule, minara na lanƙwashewa tana miƙewa. A garin nan da ko ina ka juya layuka ne miƙaƙƙu, bakuna da ginshiƙai da tayil, nan da nan ido ke kamawa. Yadda ake ganewa, kar ka kalli fuskar mutumin da ke tsakiya, kalli kusurwoyi huɗun allon da duk wani abu miƙaƙƙe a baya. In suna motsi kamar ana kallonsu ta cikin ruwa to ka sauka zuwa Position, Scale, Rotation. Akwai kuma Crop Less <-> Smooth More a ƙarƙashin Advanced, sunansa ma ya gama bayani, ka ja shi wajen Crop Less ka ga lambar ta ragu. Shi kuwa Stabilize, Synthesize Edges da ke cewa zai ƙirƙiro maka gefen daga firem na gaba da na baya don kar a yanka komai, a kan sararin sama ko yashi yana iya wucewa, amma a wurin da mutane ke kai da kawo a bakin hoto sai ka ga rabin mutum ya fito ya narke, ga cin lokaci, laftof na huci kamar tukunyar kabsa. Ban cika taɓa shi ba.

Abu biyu da ke ba sababbi haushi a Premiere, in ka canza gudun kilif ba za ta yarda ka saka Warp Stabilizer a kansa ba, haka in girman kilif bai yi daidai da na sikwens ba sai jan rubutu ya fito, maganin duka Nest ne, wato ka kunsa kilif ɗin cikin sikwens nasa na kansa. Sannan ita ta kuɗi ce, duk wata sai ka biya, ga wanda aikin nasa na lokacin umara ne kawai riyal ɗin nan na ciwo.

DaVinci Resolve ita ce nake ba mafi yawan masu tambayata shawara, dalili na farko akwai ta kyauta kuma gyaran rawa na cikin ta kyautar, na biyu tana da sauri ƙwarai, kafin ka kurɓi shayi ta gama abin da Premiere za ta sa ka jira. A Inspector za ka ga Stabilization, da Mode guda uku da ake amfani da su kullum, Perspective da Similarity da Translation. Translation ja kawai yake yi sama ƙasa dama hagu, Similarity ya ƙara da gyaran karkacewa da girma, Perspective ya ƙara da murɗa hoton, kuma shi ne yake zuwa a zaɓe, shi ne kuma ya fi kawo kaɗawar labulen nan. Ni daga Similarity nake farawa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne Cropping Ratio, don shi ta ɓangaren yankan yake kama maganar. A Premiere kana cewa ina son santsi kaza sai ta gaya maka kuɗinsa, a Resolve kana cewa ga iyakar abin da zan iya biya, yi min abin da zai yiwu da shi. Sai dai lambar a juye take, nan ne mutane ke ruɗewa, 1.0 na nufin kar a yanka komai wato babu gyara ke nan, duk yadda ka yi ƙasa haka take samun izinin yanka da yawa. Tana zuwa a 0.5, ni ina kai ta 0.8 ko sama in akwai mutane a bakin hoto. Kuma duk lokacin da ka canza ta sai ka sake danna Stabilize, in ba haka ba kana nan kana jan lamba ba abin da ke faruwa, na ga wanda ya yi minti goma a haka yana zagin kwamfuta.

Inda Resolve ta gaza Premiere, ba ta rubuta maka kashi nawa ta ci. Dabarar da nake yi, in cire alamar da ke kan Zoom, sai baƙin gefen ya bayyana yana rawa, in kunna kilif ɗin in ga a ina baƙin ya fi shigowa ciki, nan ne firem ɗin da ke jawo min asara. Daga nan ko in yanke wurin, ko in bar Zoom a kashe in je Transform in ƙara girman da hannuna, in ga lambar da idona, har ma in sa ya ƙaru a hankali a wurin da ake buƙata kawai ya koma. Da na gwada kilif ɗin Uhudu a nan, a daƙiƙa ta 26 baƙin ya shigo ta sama kamar an sauke labule, sauran wurin kuwa ɗan siriri ne kamar zare. Da na ga haka tun daren farko da Alhaji bai kira ni ba. Camera Lock kuma kar ka taɓa shi sai in a tsaye ka ɗauka wuri ɗaya kana so ya zama kamar a kan tirayifod, daidai yake da No Motion na Premiere, in ka saka shi a kilif ɗin da kake tafiya ko kake juyawa to yankan da zai yi sai ka riƙe baki.

CapCut ba sai na ja ba, ita ce a hannun kowa, kuma ga bidiyon da za a ɗora a sitatus yau a manta gobe ta wadatar. Stabilize ɗinta mataki uku ne, Minimal cropping da Recommended da Most stable, babu lamba, babu zaɓin irin gyaran, ba ta kuma nuna maka baƙin gefe. Abin da zan ce kawai, hannu na saurin zuwa kan Most stable saboda sunan ya fi daɗi, alhali shi ne ya fi ci. Ka fara da Minimal cropping, kuma ka yi abin da ƙanina bai yi ba, ka ɗauki sikirinshot na firem guda kafin da bayan, ka ajiye su gefe da gefe ka ga wa ya fita. Dabarar yanke wurin bangaza kafin a gyara tana aiki a nan ma, ita kam ba ruwanta da manhaja.

Sai ta jairo, wadda ita dabam take da duk ukun nan. Su ukun kallon hoton suke yi su yi hasashen yadda kyamara ta motsa, shi ya sa cunkoso ke ruɗa su, in jama'a duk suna tafiya hagu sai manhaja ta ɗauka kyamara ce ta tafi dama ta shiga gyaran abin da bai lalace ba, haka in duhu ne ko farin bango ko fararen kaya sun cika allo ba ta samun abin kamawa. Wasu kyamarori kuwa suna da na'urar jairo da ke rubuta kowane motsi da juyawar da suka yi a cikin fayil ɗin bidiyon, irin su GoPro da wasu na DJI da Sony irin a7S III da FX3 da ZV-1. Gyroflow, wadda kyauta ce, da Catalyst Browse ta Sony suna karanta wannan rubutun, ba hasashe, don haka ko mutum dubu ne ke wucewa a gabanka ba ya ruɗa su, kuma suna iya miƙar da karkacewar da ke zuwa in ka juya kyamara da sauri gine-gine su kwanta. A maganar yanka Gyroflow na da Dynamic zooming, wato zumin ɗin na shiga a wurin da rawa ta yi yawa ya fita in ta lafa, maimakon firem ɗaya ya ɗora wa kowa haraji, wanda shi ne daidai ciwon da ya same ni. Amma kar a ɗauka ba ta yanka, tana yi sosai in ka nemi santsi da yawa, kuma in zumin ɗin na shiga da fita da sauri mai kallo zai ji hoton na numfashi. Sannan shawarar tun kafin ɗauka ake yanke ta, don a yawancin kyamarori sai ka kashe gyaran rawa na cikin kyamarar, kuma bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp ko aka riga aka fitar daga wata manhaja ya rasa wannan rubutun, fayil na asali daga kati ake so. Kyamarar waya ta yau da kullum ma galibi ba ta ajiye shi. Ga ƙarin mataki, galibi sai ka gyara a can ka fitar sannan ka kawo wurin editin, ga wanda ayarinsa zai tashi filin jirgi da asuba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin da duk huɗun ba sa iyawa, gara a sani kar a ɓata dare. In hannu ya girgiza a lokacin da shota, ƙofar hasken kyamara, ke buɗe, firem ɗin kansa ya riga ya shafe, ya yi dishi-dishi. Kafin gyara ido ba ya damuwa don hoton na motsi, shafewar ta dace da motsin. Bayan gyara kuwa hoton na tsaye cak amma yana yin garau, dishi, garau, dishi, kamar fokas na wasa, ga zumin ya ƙara fito da shi. Wannan ya fi faruwa da dare da cikin zauren biki inda kyamara ke rage gudun shota don ta sha haske. In ka san za ka gyara daga baya ka ɗaga gudun shota, kuma ka tuna wutar ƙasar nan 60 ce ba 50 irin ta gida ba, don haka a ƙarƙashin fitilun zaure 1/60 ko 1/120 za ka zauna, 'yan uwa da suka zo da kyamara daga Kano a saite kan 1/50 ko 1/100 su ne ke ganin hoto na ƙyafta ido su rasa dalili.

To wacce za ka zaɓa? Ni a ganina ka fara tambayar kanka a nawa ka ɗauka kuma a ina za a kalla, don wannan ya fi sunan manhaja tasiri. Wanda ya ɗauka a 4K, wato 3840 da 2160, zai fitar a 1080, yana da sarari har 200% kafin tsabta ta fara raguwa, 120% a wurinsa 3200 da 1800 ne, har yanzu ya fi abin da zai fitar yawa. Shi damuwarsa ɗaya ce, wa zai fita daga gefe, don 4K ba ta dawo da Hajiya, tsabta kawai take karewa. Wanda ya ɗauka a 1080 zai fitar a 1080 kuwa ba shi da ko fiksel ɗaya na rara, ni a nan 110% nake ɗauka lafiya, 115 in dole, in ya haura 120 sai in koma in nemi inda zan yanke. Amma ga tarkon da ya kama ƙanina, ya ɗauka a kwance a 4K, amarya ta ce a tsaye take so don TikTok. In ka ciro hoton tsaye daga 4K na kwance, tsayinka 2160 ne, abin da za ka fitar 1920, rararka 112% da ɗan kai ce kawai, ba 200 ba. Shi kuma ya bar manhaja ta yi zumin ɗinta a hoton kwance sannan ya sake yankowa, yanka kan yanka, kan ango ya tafi a na farko. Abin da ya kamata, tunda gefe da gefe yana da fili har ya yi yawa, ya gyara ba tare da zumin ba, wato Stabilize Only a Premiere ko ya kashe Zoom a Resolve, sannan ya ɗora a taimlayin na tsaye ya ƙara girman da zai rufe baƙin sama da ƙasa kaɗai, baƙin dama da hagu ai yana can waje ba mai ganinsa.

Don haka in ni ne kai kuma yanzu zan fara, ina da laftof, Resolve zan sauke, Similarity, Cropping Ratio a sama, in riƙa kashe Zoom ina leƙa baƙin kafin in yarda. In kana biyan Premiere da ma don sauran aikinka ba dalilin ƙaura, ka sauke Smoothness ka sa ido kan lambar nan kawai. In aikinka cikin cunkoso ne kullum, kasuwar dabino, Shara Mansur da yamma, fitowar masallaci, kuma kyamararka na rubuta jairo, to wahalar Gyroflow ta cancanta, a nan ne ta yi wa sauran nisa. In waya ce kawai a hannunka kuma yau za a ɗora, CapCut a matakin farko, khalas.

Ni dai tun ranar nan na canza yadda nake tsayawa. In zan ɗauki ayari sai in ja baya taku biyu fiye da yadda idona ke so, in bar fili sama da hula mafi tsawo, in kuma tabbatar duk wanda aka ce saboda shi ake ɗauka yana tsakiya ba a baki ba. Makon da ya wuce a Kuba wani dattijo ya ga ina ta ja da baya ya ce ɗana matso mana, ai ba za mu fito ba daga can. Na ce Baba ku dai ku matso da Inna tsakiya, kwamfuta ce za ta matso da ku anjima. Kilif ɗin ya tsaya a 107%.